Kati ya ce ƙarfe bakwai, Inna ta ce ana sallame Asuba: wa ke riƙe da gidana na goma?

Sani Agege: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, kuma ina roƙon waɗanda suka san lissafin taurari su taimaka, musamman Malam Habu idan yana kusa. An haife ni ranar Litinin, 20 ga Maris 1995, a nan Agege, bayan ƙaramar Sallah da sati biyu da ɗoriya. Katin asibiti ya ce ƙarfe 7:00 na safe. Da na sa wannan lokacin a manhaja sai ta nuna min `MC`, wato tsakiyar sama, a digiri na farko na burujin Jadyu. To jiya muna hira da Inna ta ce ita dai abin da ta riƙe shi ne ana sallame Asuba a masallacin da ke bayan asibitin na faɗo. Sai na gwada 6:15, na ga `MC` ya koma Ƙausu digiri 20. Minti arba'in da biyar kawai, komai ya juye. Abin da ya sa na damu: shekara takwas ke nan ina koyarwa a wata makaranta a Agege, albashin ba ya kai ni ƙarshen wata, yanzu kuma wani ɗan'uwan mahaifina ya samo min aikin kula da sito a Apapa, kuɗin ya kusa ninki uku, amma rabin aikin dare ne. Wanne daga cikin biyun ne nawa?

Ɗanlami Mile 12: Wa alaikumus salam. Ai ba sai ka wahalar da kanka ba. 20 ga Maris ai Hutu ne, ni ma Hutu ne, 9 ga Maris. Mu 'yan Hutu aikin ruwa ne namu, ni ka gan ni shekara goma sha biyu ina kifi busasshe. Apapa kuwa bakin teku ce. Tafi kawai.

Malam Habu Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Ɗanlami, abin da ka faɗa burujin da Rana take ciki ne, kuma duk wanda aka haifa cikin wata guda ɗin nan yana da shi, daga gwamna har mai tura baro. Ba shi Sani yake tambaya ba.

Sani, bari in fara da abin da ka riga ka sani tun kana yaro, wato zawali. Ka ja layi a sama daga kudu, ya bi ta saman kanka, ya sauka arewa. Idan Rana ta taka layin nan inuwa ta gama raguwa, tana gotawa Azahar ta shiga. To ba Rana kaɗai ke taka shi ba. Duk burujai goma sha biyun suna ratsa shi ɗaya bayan ɗaya cikin yini da dare, kowanne kamar awa biyu. Digirin da ke kan layin a daidai lokacin da aka haifi mutum shi ne tsakiyar sama, wanda Larabawa ke kira wasaɗus sama, manhaja kuma ta rubuta `MC`. Yana matsawa kusan digiri ɗaya duk minti huɗu. Ana raba sama gida goma sha biyu, ana ƙirgawa daga gabas. Gida na goma shi ne yankin da tsakiyar sama take, kuma magabatan wannan fanni suna kiransa gidan sarauta, su ce nan ake duba aikin da aka san mutum da shi da sunansa a bainar jama'a.

Na lissafa ranar taka. A Legas, ran 20 ga Maris 1995, tsakiyar sama ta bar Ƙausu ta shiga Jadyu da misalin 6:57 na safe. Ka ga katinka minti uku kacal ya ba ka a cikin Jadyu. A wannan mintin kuma burujin da ke ɓullowa a gabas ya sauya daga Hutu zuwa Hamal, Rana kuma ta ɗan leƙo. Wato kana tsaye a kan iyaka uku a lokaci guda. Da wuya a samu haihuwar da ta fi wannan buƙatar sahihin lokaci.

Sista Rabi Obalende: Sani, ni na yi shekara goma sha ɗaya a ɗakin haihuwa kafin in koma asibitin yara. Gaskiya zan gaya maka, duk katin da ka ga an rubuta 7:00 cif, ko 6:30 cif, ka ɗauka kintace ne. Jariri ya fito, hannunki cikin safar hannu da jini, ana yanke cibi, ana jiran mabiyiya, wani lokaci ana fama da yaron ya yi kuka. Sai an kintsa uwa kafin a zauna da biro. Kuma da safe lokacin miƙa aiki ne, mai dare tana son ta tafi gida, sai ta ɗaga kai ta kalli agogon bango ta rubuta abin da ya fi kusa. A abin da na gani da idona, kuskuren ya fi karkata ga jinkiri, wato a rubuta bayan ainihin lokacin. Ban taɓa ganin wadda ta rubuta kafin yaro ya fito ba.

Sani Agege: Na gode Anti Rabi. To Malam, a ce na Inna ne daidai, me ya fito? A ce na kati ne kuma fa?

Malam Habu Idi-Araba: To. Ka riƙe wannan tukuna: burujin da ke tsakiyar sama ba shi ne ƙarshen magana ba. Kowane buruji yana da tauraron da ke mulkinsa, kamar mai gida. Idan ka je gidan mutum kana son sanin halin gidan, ba fentin ƙofa za ka tsaya kallo ba, tambaya za ka yi ina mai gidan yake, yana da lafiya, yana gari ko ya yi tafiya, a hannun wa ya sauka. Mai gidan Ƙausu Mushtari ne. Mai gidan Jadyu Zuhalu ne. Yawancin matasan da ke karanta abin nan a waya suna tsayawa a kan "Jadyu yana nufin shugabanci, Ƙausu yana nufin tafiye-tafiye", ba su taɓa bin sawun mai gidan ba, alhali nan ne rabin aikin yake.

Mu ɗauki na Inna, 6:15. Tsakiyar sama Ƙausu digiri 20. Ina Mushtari a ranar? Yana Ƙausu, wajen digiri 15. Wato mai gida yana zaune cikin gidansa, digiri biyar kacal tsakaninsa da tsakiyar sama. Da wani ya fita tsakar gida a Agege da asubar nan ya dubi kudu, da ya gan shi can sama yana haske. Bayan haka Hutu ne ke ɓullowa a gabas, kuma Hutu ma na Mushtari ne, don haka tauraro ɗaya ne ke riƙe da mutumin da kuma aikinsa. A ƙa'idar littattafan, wannan mutum ne da ake saninsa da koyarwa, ko alƙalanci, ko wa'azi, ko duk aikin da jama'a ke zuwa neman shawara, kuma sunansa ya fi aljihunsa nauyi ko ya riga shi zuwa. Sai dai akwai ƙaya. A wannan lokacin Zuhalu yana Hutu wajen digiri 17, daidai bakin gabas inda digiri 18 ke ɓullowa, kuma yana kallon Mushtari ta kusurwar digiri 90, wadda ake ɗauka kallo ne na takura. Za a ce ci gaban yana zuwa da jinkiri da ɗaukar nauyi tun da wuri.

Yanzu na kati, 7:00. Tsakiyar sama farkon Jadyu, mai gida Zuhalu. Yana nan dai a Hutu 17 bai motsa ba, amma da yake yanzu Hamal ne a gabas, Hutu ya zama gida na goma sha biyu, gidan abin da ke ɓoye: bayan fage, keɓewa, wuraren da ake rufe ƙofa. Kuma tsakaninsa da Rana digiri goma sha biyu ne, bai kai ga ƙonewa ba, wato matsowa dab da ita, amma yana ƙarƙashin haskenta, ido ba ya ganinsa. Mai karatu zai ce wannan aikin da ake yi ne ba a ganin mai yinsa, riƙon amana, ƙirga kaya, tsare dukiyar wani. Mushtari kuma ya zame zuwa gida na tara, na ilimi da addini, ya zama abin da mutum ke so a ransa, ba abin da aka san shi da shi a gari ba.

Ɗanlami Mile 12: Ikon Allah. Ai ayyukan nan biyu da ke gabansa ke nan sak. Makaranta da sito.

Injiniya Kabiru Ikeja: Nan ne fa nake so a tsaya. Malam Habu, da girmamawa, Sani ya riga ya gaya maka ayyukan biyu kafin ka buɗe lissafi. Da ya ce zaɓinsa tsakanin tuƙin tirela ne da aikin gadi, da Ƙausu ya zama doguwar tafiya, gida na goma sha biyu ya zama gadin dare, kuma da Ɗanlami ya sake cewa sak. Kalmomin suna da faɗi, kowa zai iya shiga. Lissafin inda taurarin suke ba ni da ja a kansa, na gwada da kaina, 6:57 ɗin daidai ne. Amma tsallakawa daga "Mushtari yana kan layin zawali" zuwa "yaron nan malami ne", wannan gadar ce ban ga ƙafafunta ba. A 1985 mujallar Nature ta buga gwajin Shawn Carlson, inda aka ba masana taurari taswirar haihuwa aka ce su zaɓo bayanin halin mai ita daga cikin guda uku, ba su wuce abin da mai canka zai samu ba. Wanda ya fi kowa ƙoƙari a kan batun sana'a shi ne Bafaranshen nan Michel Gauquelin, tun 1955. Ya tara lokutan haihuwar fitattun 'yan wasa ya ce tauraron Mirrihi ya fi yawan kasancewa jim kaɗan bayan ya ɓullo ko bayan ya gota tsakiyar sama. Ka lura, bayan ya gota, wato ɓangaren gida na tara ke nan, ba na goma da littattafan suka ce ba. Kuma har yau ana jayayya a kan yadda aka zaɓo 'yan wasan da aka ƙirga.

Malam Habu Idi-Araba: Injiniya, maganarka ta farko gaskiya ce kuma na karɓa. Sanin amsa kafin duba lissafi yana jan hannun mai duba, ni ma ban fi ƙarfin haka ba. Abin da zan ce kawai, da Sani bai faɗi komai ba, Mushtari a gidansa a kan tsakiyar sama duk wanda ya karanci tsohuwar ƙa'ida zai fara ambaton ilimi ko shari'a ne kafin tirela. Ƙa'idar tana da tsari, ba duk abin da ka ga dama take ba ka ba. Ko tsarin yana faɗar gaskiya game da rayuwar mutane, wannan wata tambaya ce daban, kuma ba ni da gwajin da zan ajiye maka a gaba in ce ga shi.

Hajiya Binta Alaba Rago: Ku yi haƙuri in ɗan katse. Malam, ni 'yata ƙarfe goma sha biyun rana daidai aka haife ta, har na ji ƙarar agogo. Na ɗauka Rana tana tsakiyar samanta, ana ce min alamar mulki ce. Amma da ƙanwata ta sa a waya sai Rana ta fito gefe. Wayar ce ta yi kuskure?

Malam Habu Idi-Araba: Hajiya, a ina aka haife ta, kuma wane gari aka rubuta a wayar?

Hajiya Binta Alaba Rago: A Kano na haihu, gidan iyayena. Amma Legas muka sa, tunda nan take zaune tun tana wata uku.

Malam Habu Idi-Araba: To abu biyu ne. Na farko, garin haihuwa ake sawa, ba garin zama ba. Agogon Kano da na Legas ɗaya ne, amma samansu ba ɗaya ba ne. Kano tana gabas da Legas da kusan digiri biyar, shi ya sa in kika kira gida da azumi za ki ji sun riga mu jin kiran Azahar da kamar minti ashirin. Wannan minti ashirin ɗin digiri biyar ne a tsakiyar sama, ya isa ya sauya buruji idan mutum yana bakin iyaka. Na biyu, sha biyun agogo ba ita ce tsakar rana ba. An ɗaura agogon Nijeriya a kan layin digiri 15 gabas, wanda ya wuce Maiduguri ma. Legas tana wajen digiri 3 da ɗan ɗori, don haka zawalinmu yana yawo tsakanin 12:30 a farkon Nuwamba da 1:00 a tsakiyar Fabrairu. A Kano ki rage minti ashirin. Da sha biyu daidai, Rana ba ta iso layin ba tukuna, saura 'yan digirori. Ki gyara garin zuwa Kano, za ki ga ta matso, kuma tana nan cikin gida na goma. Ba ta fita ba, ba ta dai hau kan layin ba ne.

Mubarak Yaba: Malam ina da ƙari. A ganina rikicin Sani daga tsarin gidaje ne. Idan ya canza daga `Placidus` zuwa `Whole Sign` matsalar za ta kau, saboda a can ba ruwan gida na goma da `MC`, buruji na goma daga na gabas kawai ake ƙirgawa. Kuma ai tsakiyar sama ita ce daidai saman kai, to a Legas da muke kusa da tsakiyar duniya duk tsarin ɗaya ne.

Malam Habu Idi-Araba: Mubarak, ka kama rabi. Gaskiya ne a nan kusa da tsakiyar duniya tsare-tsaren ba sa nisa da juna. A Legas tazarar da ke tsakanin digirin gabas da tsakiyar sama ba ta kauce wa 90 da fiye da digiri bakwai ko takwas, alhali a Landan tana iya kaucewa har tsakiyar sama ta faɗa buruji na tara ko na goma sha ɗaya sau da yawa. Shi ya sa muhawarar da Turawa ke yi a kan wannan ba ta cika shafarmu ba sai ga wanda digirinsa na gabas yake farko ko ƙarshen buruji. Amma ba za ta ceci Sani ba. Ka duba: kafin 6:57 Hutu ne a gabas, na gomansa Ƙausu. Bayan 6:57 Hamal ne, na gomansa Jadyu. Ko ta wace hanya ka bi, a minti ɗaya suke juyawa. Sannan tsakiyar sama ba saman kai ba ce. Tana kan layin da ya bi ta saman kai, amma a inda hanyar Rana ta ratsa shi. A safiyar Sani tana can kudu, kusan digiri talatin ƙasa da saman kai, inda Ranar Disamba ke tsayawa da azahar.

Ustaz Nura Agege: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma Sani maƙwabcina ne, yarana biyu a ajinsa suke, ba zan iya yin shiru ba. Duk abin da aka faɗa na zawali da bambancin Kano da Legas ilimi ne mai kyau, da shi muke sanin lokutan sallah da alƙibla, malamai ba su hana shi ba. Wanda suka hana shi ne a ce matsayin tauraro yana nuna abin da zai samu mutum. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya ɗebi wani ilimi daga taurari ya ɗebi wani yanki na sihiri. Kuma ƙarshen Suratu Luƙman, aya ta 34, ta ce rai bai san abin da zai aikata gobe ba. Kalmar da ke cikin ayar ma ta nema ce da samu, daidai abin da ake tattaunawa a nan. Sani, kana da istihara, kana da shawara, kana da mahaifiya a raye. Ka je Apapa ka ga siton da idonka, ka tambayi wanda ya bar aikin me ya sa ya bari. Malam Habu, kai babba ne a gare ni, ban faɗi wannan don in ci fuskarka ba.

Malam Habu Idi-Araba: Allah ya saka da alheri Ustaz, ban ji haushi ba. Ni ban ce tauraro yana bayarwa ko yana hanawa ba, wanda ya ƙudurce haka ya fita daga hanya, a wannan ba mu da saɓani. Na gaji karatun nan ne daga kawuna, kuma a ƙasarmu ba baƙo ba ne, Muhammadu al-Katsinawi da ya rasu a Alƙahira a 1741 ya yi rubutu a wannan fage. Na san kuma kasancewar wani malami ya yi ba ta zama hujjar halasci ba, kuma na san malamai da yawa ba su yarda da rarrabewar da nake yi tsakanin alama da sababi ba. Sani ya ji duka biyun, shi baligi ne.

Ustaz Nura Agege: Rarrabewar ce ban gamsu da ita ba Malam. Idan mutum ya ajiye aiki ko ya karɓa saboda alamar, to ta riga ta yi aikin sababi a zuciyarsa, ko me ya kira ta da baki.

Sani Agege: Na ji Ustaz, kuma wallahi maganar ta shige ni. Istihara na fara tun shekaranjiya. Amma tunda an fara, ina so in ga ƙarshen lissafin. Malam, babu hanyar da za a gane lokacin gaskiya?

Malam Habu Idi-Araba: Akwai abin da ake yi, amma ka ji iyakarsa. Ana duba lokacin da tauraro mai nauyin tafiya ya taka digirin tsakiyar sama, a ga ko wani babban abu ya faru a aikin mutum. Zuhalu yana zagaye cikin shekara 29 da rabi, don haka sau ɗaya ya taka naka tun da aka haife ka. Ya kai Ƙausu 20 a Disamba 2016. Ya shiga Jadyu wajen 20 ga Disamba 2017. Shekara guda ce tsakani. Me ya faru da kai a waɗannan lokutan biyu? Kada ka yi ƙoƙarin daidaita min, faɗi yadda yake.

Sani Agege: Ƙarshen 2016 ne mai makarantar ya kira ni in riƙe aji na wata ɗaya saboda malaminsu ya tafi gida bai dawo ba. Na shiga da alli ɗaya a aljihu, yara arba'in da shida, benci bai ishe su ba, wasu a kan tabarma. Wata ɗayan ne har yau. Disamba 2017 kuma Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba, ya rasu a Janairu, ni na karɓi littafin bashin shagonsa da ciyar da ƙannena huɗu.

Injiniya Kabiru Ikeja: Allah ya jiƙan Baba. Amma ka gani ko Malam? Duka biyun sun yi daidai. Ɗan shekara ashirin da ɗaya ko da biyu, wace shekara ce babu babban abu a rayuwarsa?

Malam Habu Idi-Araba: Allah ya gafarta masa, ya sa Aljanna makoma. Na gani Injiniya, kuma ba zan tanƙwara shi ba. Wannan gwajin bai raba gardama ba. Wani zai ce fara koyarwa ya fi kama da gida na goma, wani zai ce ɗaukar nauyin gida bayan uba shi ne ainihin aikin Zuhalu. Idan na zaɓi ɗaya, son raina na zaɓa.

Abu ɗaya nake so in gyara, don na ga kamar na sa karatun kati ya yi duhu da yawa. Zuhalu a gida na goma sha biyu ba faɗuwa ba ce a wurin magabata, sun ce ma nan ne gidan farin cikinsa, kuma ya fi sauƙin hali ga wanda aka haifa da rana, wanda ƙarfe bakwai ta cika wannan sharaɗin da ƙyar. Yana kuma zaune a gidan Mushtari, Mushtarin yana da ƙarfi, kamar baƙon da ya sauka a hannun mai hali. Don haka ko a karatun kati, ba a ce maka wulaƙanci ba, an ce aikin da ba a tafa wa mai shi ne. Kuma gida na goma bai taɓa zama gidan albashi ba. Kuɗi a gida na biyu ake dubawa. Tambayarka ta ninki uku ba ta nan ba ce tun farko.

Sista Rabi Obalende: Sani, wa ya raka Inna asibiti? Mai naƙuda ba ta cika riƙe lokaci ba, abin da kunnenta ya ji take riƙewa, kuma tana iya jin sallamar tun tana kan gwiwa, yaron bai fito ba sai bayan rabin awa. Nemi wadda ta zauna a benci a waje.

Sani Agege: Gwaggo ce, tana Zariya yanzu. Bari in kira ta.

Sani Agege: Na same ta. Ta ce ita ta yi sallarta a barandar asibitin, ta daɗe tana lazimi, har masu kosai suka fara hura wuta a bakin ƙofa. Da nas ta leƙo ta ce namiji ne, gari ya yi haske har tana iya bambance kalar zanen matar da ke zaune nesa da ita, amma ta rantse rana ba ta fito ba. Ta ce sai da ta je ta sayo ruwan zafi a wurin mai shayi ta dawo sannan ta ga rana a kan rufin kwano.

Malam Habu Idi-Araba: Wannan shaida ta fi duka biyun amfani, domin ido ta ba mu, ba agogo ba. A ranar rana ta fito a Legas da misalin 6:50, kuma hasken da ake bambance kala da shi yana farawa kamar minti ashirin kafin haka. Ka sa tsakanin 6:30 da 6:50, ka kuma cire 'yan mintocin da nas ta ɗauka kafin ta leƙo. Duk wannan kafin 6:57 ne. Tsakiyar sama za ta kasance Ƙausu, tsakanin digiri 23 da 28, mai gida Mushtari, yana cikin gida na goma in an ƙirga da buruji, sai dai ya fi nisa da layin fiye da yadda na lissafa da farko, digiri takwas zuwa goma sha uku maimakon biyar. Zuhalu kuma ya riga ya ɗaga daga bakin gabas. Karatun farko ne, amma da sauƙin murya.

Injiniya Kabiru Ikeja: Rufin kwano da gine-gine suna ɓoye rana minti goma ko fiye bayan ta fito, balle da hazon safiya. "Rana ba ta fito ba" a bakin mai zaune a baranda yana iya kaiwa 7:05. Kuma tunanin shekara talatin ne.

Malam Habu Idi-Araba: Haka ne, ƙofar ba ta rufu ruf ba. Na fi karkata ga Ƙausu saboda shaidu uku sun taru a gefe ɗaya, Inna, Gwaggo, da abin da Sista ta faɗa na jinkirin rubutu, amma ba zan rantse ba.

Ustaz Nura Agege: Sani, in ka tashi zuwa Apapa ka biyo ta gidana. Akwai wani ɗalibina da ya yi shekara huɗu yana aikin sito a can, zan haɗa ku ya gaya maka yadda ake lissafin kayan da suka ɓace da wanda ake cire wa a albashi.

Sani Agege: In sha Allahu Asabar bayan Azahar, Ustaz. Sun ba ni zuwa ƙarshen wata in ba da amsa, kuma jarrabawar yara sai sati na sama za ta ƙare, ba zan motsa ko'ina ba kafin in gama makin takardunsu. Malam Habu, gida na biyun da ka ambata, shi ma yana juyawa a 6:57 ɗin ne?

Malam Habu Idi-Araba: Yana juyawa. Kafin lokacin Hamal ne, na Mirrihi, bayansa Sauru ne, na Zahra. Zan duba inda suke a ranar in rubuto da daddare, yanzu an kira La'asar.